Darasi: Miliyan Goma Ta Koma Bakwai, Me Za a Rubuta wa Mai Ba da Tallafi?

Ɗalibai, a makon jiya mun tsaya a kan yadda ake ɗibar ruwan rijiya a kai shi ɗakin gwaji ba tare da an gurɓata shi a hanya ba. Yau za mu ajiye kwalba mu ɗauki biro. Wanda duk ya yi aikin lafiyar al'umma ko binciken kimiyya da kuɗin tallafi, wata rana zai buɗe saƙo ya tarar an rubuta masa cewa an ji daɗin tsarin aikinsa, amma kuɗin da ya nema ya yi yawa, ya rage ya sake turowa. Irin wannan saƙo ya ƙara yawa tun daga watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyuka da dama a Arewacin Nijeriya suka tsaya ko suka tsuke. Amsar da za ka mayar aikin kimiyya ce kafin ta zama aikin rubutu, domin ba za ka iya faɗin abin da zai tsaya da abin da zai fita ba sai ka san wane aiki ne ke ɗauke da wane.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Na tsara mana misali na aji, kuma farashin da ke cikinsa na lissafi ne kawai, kada wani ya ɗauke shi ya tafi kasuwa. Mu ce wata ƙaramar ƙungiya ce ke son auna tsabtar ruwan rijiyoyi a Kwatarkwashi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, a kan hanyar nan da ta taso daga Gusau ta nufi Tsafe. Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Tambayar da ƙungiyar ke son amsawa guda ɗaya ce: rijiya nawa cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, kuma yawansu na canzawa tsakanin rani da damina? Bayan an samu amsa, sai a gyara rijiyoyin da suka fi muni.

Ga kasafin da aka tura da farko, naira miliyan 10:

Akwatin gwaji da na'urar ɗumama samfur da kulolin ƙanƙara: 2,000,000
Horar da ma'aikata biyu: 400,000
Ɗiba da auna ruwan rijiya 100, sau biyu, kowace ɗiba 12,000: 2,400,000
Gwajin tabbatar da inganci: 200,000
Gyaran rijiya 10 da sake auna su, kowace 250,000: 2,500,000
Mayar da sakamako ga masu unguwanni da masu rijiya: 300,000
Babban taron rufewa a Gusau: 900,000
Shirye-shiryen rediyo: 500,000
Riguna da huluna da fastoci: 300,000
Gudanarwa da ajiye lissafi: 500,000

Mai ba da tallafi ya amsa da cewa abin da zai iya bayarwa miliyan 7 ne. Ke nan sai an fitar da miliyan 3, wato kashi 30 cikin ɗari.

Kuskuren raba ragi daidai wa daida

Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne ya bi layi-layi ya zabge kashi 30 daga kowanne. A takarda abin zai yi kyau, jimilla za ta ba da miliyan 7 cif, kuma babu aikin da aka soke. Amma ku dubi layin farko. Na'urar ɗumama samfur ba a sayar da ita gutsure-gutsure. Ko dai ka saye ta ta riƙe zafi a digiri 44 na tsawon awa 18 ko makamancin haka, ko kuma ba ka da gwaji. Haka horar da ma'aikata: wanda aka koya wa rabin aikin tace ruwa bai iya aikin ba. Haka mai ajiye lissafi, rasit ɗin miliyan 7 na bukatar kulawa kamar na miliyan 10.

Irin waɗannan su ne kuɗaɗen da ba sa motsi, ko rijiya ɗaya za ka auna ko ɗari. A misalinmu kayan gwaji da horo da gudanarwa sun tashi 2,900,000. Idan ka cire su daga miliyan 10, abin da ya rage wanda za a iya taɓawa 7,100,000 ne. A kan wannan ne ragin miliyan 3 zai sauka gaba ɗaya. Ku raba 3,000,000 da 7,100,000, za ku samu kusan kashi 42 cikin ɗari. Wannan adadi ku riƙe shi da kyau, don shi ne abu na farko da mai ba da tallafi ke bukatar ya fahimta: shi kashi 30 ya rage, amma aikin da ake yi a fili kashi 42 ya rasa. Wanda bai yi wannan lissafi ba shi ne ke yin alkawarin cika kashi 70 na aiki, sai tafiya ta yi nisa kuɗi ya ƙare a watan Agusta, ruwa na zuba, ga kwalabe babu man babur.

Wane aiki ne ke ɗauke da wane

Kafin mu koma kan rijiyoyinmu, bari in kawo muku abin da ya faru a jiharmu, domin ban san wani misali da ya fi shi bayyana wannan batu ba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta yara kusan 400 sun rasu. Maganin da aka tsara ƙafa uku gare shi: a kankare ƙasar da ta gurɓace a cikin gidaje a binne ta a zuba sabuwa, a ba yara maganin da ke janye dalma daga jini, sannan a sauya yadda ake sarrafa dutsen don kada gubar ta dawo.

Aka tsabtace ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega tana jira saboda rashin kuɗi. Likitoci suna nan, magani yana nan, amma ba a fara ba yaran Bagega magani gadan-gadan ba. Dalilin na kimiyya ne. Yaron da aka janye wa dalma daga jini, idan ya koma yana rarrafe a tsakar gidan da ƙasarsa ke cike da dalma yana sa hannu a baka, jinin zai sake cika. Sai da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin a farkon 2013, aka fara kankare ƙasa tare da masana na TerraGraphics, sannan magani ya biyo baya unguwa-unguwa. Ku lura da wannan: da wani ya zauna a ofis ya ce kuɗi ya yi kaɗan, a bar tsabtace ƙasa a riƙe magani tunda shi ne ke ceton rai kai tsaye, da ya kashe kuɗin maganin a banza, yaran kuma suna nan cikin guba.

To haka za mu tambayi kowane layi na kasafinmu: idan na cire ka, wa zai faɗi tare da kai?

Mu fara da layin da ya fi ƙanƙanta, gwajin tabbatar da inganci, naira 200,000. Shi ne wanda sabon shiga ke fara sokewa, don ba a ganin amfaninsa da ido. Ku tuna yadda gwajin yake. Ana tace mililita 100 na ruwa ta cikin wata 'yar takarda mai ramuka ƙanana ƙwarai, ƙwayoyin cuta su maƙale a kanta, a ɗora ta a kan abincinsu a cikin ɗan faranti, a rufe a na'urar ɗumi. Washegari sai ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, ka ƙirga su. Yawancinsu E. coli ne, alamar cewa bayan gida ya kai ga ruwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. To idan ka ƙirga ɗigo 40, ta yaya ka san daga rijiyar suke ba daga hannun ma'aikaci ko mazurarin da ba a ƙona da kyau ba? Hanyar sani ita ce kowace ranar fita a tace ruwan da aka tafasa aka tabbatar babu komai a cikinsa, da kayan nan dai, da hannun nan dai. Idan farantinsa ya fito fes, aikin ranar ya inganta. Idan ya fito da ɗigo, sakamakon ranar duka abin zargi ne. Haka kuma ana ɗibar wasu rijiyoyin kwalba biyu a lokaci guda, a ga ko amsoshin sun yi kusa. Idan ka soke wannan layi, ka ajiye 200,000, amma ka bar gwajin miliyoyin naira babu mai tsaya masa shaida. Saboda haka yana nan, ko kwabo ba za mu taɓa ba.

Kulolin ƙanƙara ma haka. Ruwan da aka ɗiba ana so ya zauna da sanyi, a tace shi cikin kamar awa shida. A zafin watan Afrilu, kwalbar da ta yi yini a bayan babur ba ruwan rijiyar take nunawa ba, abin da ya faru a cikin kwalbar take nunawa.

Mayar da sakamako ga masu rijiya, 300,000, shi ma yana nan. Matar da ta bar ka ka shiga gidanta ka zura kwalba a rijiyarta tana da haƙƙin ta ji abin da aka gani. Ban da haƙƙi, akwai amfani: rijiyoyin da ba za mu iya gyarawa ba sun fi waɗanda za mu gyara yawa, kuma abin da zai kare masu shan su shi ne mai unguwa ya tara mutane a faɗa musu a daina ajiye guga da igiya a ƙasa, a rufe bakin rijiya, a sa wa ruwan sha kulorin a jira rabin awa kafin a sha.

Yanzu ku yi wa taron Gusau tambayar. Idan aka cire shi, wa zai faɗi? Babu. Rahoton zai iya isa ma'aikatar lafiya da ofishin ƙaramar hukuma a hannu. Riguna da huluna da fastoci, babu. Rediyo ya fi su ciwo a wurina, don na san a ƙauyukanmu babu abin da ya kai shi isar da saƙo, amma tambayar da aikin ya ɗauka ba ta rataya a kansa ba. Waɗannan uku sun ba mu 1,700,000. Saura 1,300,000, kuma daga nan ne wuƙa ke shiga nama.

Rijiya ɗari sau ɗaya, ko sittin da huɗu sau biyu

A wani aji da na koyar da wannan darasi, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai abin da sauƙi. A auna rijiya ɗarin sau ɗaya kawai da rani, an samu 1,200,000 ke nan, saura kaɗan." Lissafinta daidai ne, kuma na tabbata da yawanku abin da ya zo muku ke nan. Na ce mata, "Karanta mana tambayar aikin." Tana kaiwa kan "tsakanin rani da damina" sai ta yi shiru.

Da rani ruwan rijiya yana can ƙasa, ƙasar da ke sama a bushe take. Da damina ruwa na gangarowa daga dutse da tudu, yana wanke kashin dabbobi da abin da ke bakin masai, ya bi ta tsagar bakin rijiya ya shiga. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana tasowa ya kusanci ramin masai, abin da ya sa ake son a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Rijiyar da ta fito fes a watan Maris tana iya cika faranti da ɗigo a watan Agusta, kuma lokacin ne kwalara ta fi yaɗuwa. Wanda ya auna da rani kaɗai zai rubuta rahoton da ke cewa ruwa lafiya lau, mutane su saki jiki a daidai lokacin da ya kamata su yi hattara.

Hanya ta biyu ita ce a rage yawan rijiyoyi a riƙe lokutan biyu. A nan akwai wata ƙa'idar lissafi da ke taimakonmu. Idan ka zaɓi rijiyoyi ta hanyar ƙuri'a ka auna su, adadin da ka samu ƙiyasi ne na dukan rijiyoyin yankin, kuma yana da tazarar kuskure. A taƙaice tazarar ba ta wuce 1 ÷ √n, inda n ke nufin yawan rijiyoyin da aka auna. Da rijiya 100, tushen 100 shi ne 10, tazarar ta zama ɗaya bisa goma, wato maki 10 cikin ɗari. Idan ka samu rabin rijiyoyin sun gurɓace, gaskiyar tana tsakanin kashi 40 da 60. Da rijiya 64, tushen 64 shi ne 8, tazarar ta zama ɗaya bisa takwas, kusan maki 12 da rabi. Gaskiyar tana tsakanin kashi 38 da 62 ko kusa da haka.

Ku duba abin da ya faru. Mun rage rijiyoyi da fiye da kashi ɗaya bisa uku, amma kaifin amsar bai ragu da yawa ba, maki biyu da rabi kawai. Shawarar da hukuma za ta yanke da "40 zuwa 60" ita ce dai za ta yanke da "38 zuwa 62". Rijiya 36 da aka cire, sau biyu, a kan 12,000, sun ba mu 864,000.

Sai dai ƙa'idar nan tana da sharaɗi, kuma tana da iyaka. Sharaɗin shi ne ƙuri'a. Idan kuɗi ya yi kaɗan, zuciya na raya wa mutum ya zaɓi rijiyoyin bakin kwalta don sauƙin mai. Da ka yi haka lissafin tushen ya daina aiki, domin rijiyoyin bakin titi ba sa wakiltar na lungu. A yankinmu akwai kuma maganar tsaro, wadda ba mu da ikon kauce mata. Ƙauyen da ba za a iya tura ma'aikaci ba a cire shi daga jerin tun kafin ƙuri'a, a kuma rubuta ƙarara cewa sakamakon bai shafe shi ba. Iyakar kuwa tana bayyana idan ka fara rarraba 64 ɗin. Tsarin farko ya yi alkawarin kwatanta shiyyoyi huɗu. Yanzu kowace shiyya rijiya 16 za ta samu, tushen 16 shi ne 4, tazarar ta koma maki 25. Da irin wannan tazara ba za ka iya cewa shiyyar gabas ta fi ta yamma gurɓacewa ba. A gaskiya ko da rijiya 25 a kowace shiyya alkawarin yana da rauni, tazarar maki 20 ce. Yanzu dai dole a janye shi, kuma a faɗa a wasiƙa.

Saura 436,000. Babu inda ya rage sai gyara. Rijiya 10 ta koma 8, an samu 500,000. Kada ku rage kuɗin kowace rijiya don a ce har yanzu goma ake gyarawa. Daɓen siminti da aka yi wa ƙwauron buhu zai tsage kafin damina ta biyu, magudanar da aka gajarta za ta tara ruwa a gindin rijiya. Takwas masu kyau sun fi goma na jeka-na-yi-ka. Jimillar ragi ta zama 3,064,000, sabon kasafi 6,936,000, da rarar 64,000 da za mu nemi a bari a matsayin ajiya saboda hawa da saukar farashin mai.

Wasiƙar kanta

Yanzu da muka san abin da za mu faɗa, rubutun ba zai ba mu wahala ba. Sau da yawa da Turanci ake tura irin wannan wasiƙa, amma ginin ɗaya ne a kowane harshe, kuma wanda ya iya tsara ta da Hausa ya gama rabin aiki. Jami'ar da za ta karanta ta a ofishin mai ba da tallafin tana da tarin irinta a gabanta, kuma ita ma akwai na sama da ita da za ta yi wa bayani. Don haka amsa na zuwa a farko, dalili na biye.

"Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa, mun samu saƙonki game da tsarin aikinmu na auna ruwan rijiyoyi a Kwatarkwashi da kewaye, kuma mun gode da kuka ga ya cancanci tallafi. Mun amince mu gudanar da aikin a kan naira miliyan 7. Sabon kasafin yana haɗe da wannan wasiƙa, layi-layi kusa da tsohon.

Tambayar aikin ba ta canza ba. Za mu auna rijiyoyin sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina, domin auna lokaci ɗaya ba zai nuna haɗarin da ruwan sama ke kawowa ba. Kayan gwaji, horar da ma'aikata, gwajin tabbatar da inganci, mayar da sakamako ga masu rijiya da kuɗin gudanarwa suna nan yadda suke. Daga ciki, naira 2,900,000 kuɗi ne da ba ya raguwa ko da aikin ya ragu, shi ya sa ragin kashi 30 ya zama kusan kashi 42 a kan sauran ayyukan.

Abubuwa biyu mun rage su. Rijiyoyin da za a auna sun sauka daga 100 zuwa 64, wanda zai faɗaɗa tazarar kuskure daga kusan maki 10 zuwa kusan 12 da rabi. Rijiyoyin da za a gyara sun sauka daga 10 zuwa 8, a kan ingancin da aka tsara tun farko.

Abubuwa uku mun cire su gaba ɗaya: taron rufewa a Gusau, shirye-shiryen rediyo, da riguna da fastoci. Za mu kai rahoton a hannu ga ma'aikatar lafiya ta jiha da ƙaramar hukumar Bunguɗu.

Saboda waɗannan sauye-sauye, akwai alkawari biyu da ke cikin tsarin farko da muke janyewa. Ba za mu iya kwatanta shiyyoyin huɗu da juna ba, kuma saƙon tsabtar ruwa zai tsaya a unguwannin da muka yi aiki, ba zai kai ga masu sauraron rediyo ba. Muna roƙon a gyara waɗannan a takardar yarjejeniya kafin a sa hannu. Muna kuma neman izinin riƙe rarar naira 64,000 a matsayin ajiyar kuɗin mai.

Idan ƙarin kuɗi ya samu nan gaba, abin da za mu fara mayarwa shi ne gyaran rijiya biyun, naira 500,000, sannan rediyo. Domin a samu ɗibar rani kafin saukar ruwa, muna bukatar amsarku kafin ƙarshen watan Fabrairu.

Mun gode. Wassalam."

Ku sake duba sakin layi na biyar, wanda ke janye alkawari. Shi ne wanda hannu ke nauyin rubutawa, don mutum na tsoron kada a ga gazawarsa a fasa ba shi kuɗin. Amma ku san cewa a ƙarshen aiki ba da wasiƙar neman tallafi za a auna ku ba, da adadin da ke cikin yarjejeniya za a auna ku. Idan an rage kuɗi aka bar "rijiya 100" da "shiyya huɗu" a rubuce, kun ci ladan kuturu, kuma dole ku yi masa aski da aska marar kaifi. Daga irin wannan matsi ne ake fara cike fom a ƙarƙashin bishiya ba a je rijiyar ba. Na taɓa duba wani rahoto da aka kawo mini inda rijiyoyi da dama a jere suka ba da adadi iri ɗaya, babu ko faranti ɗaya na ruwan tabbatarwa. Da na bi diddigi sai na tarar an rage musu kuɗi a tsakiyar aiki, ba su rubuta sun rage alkawari ba.

Ku lura kuma da abin da babu a wasiƙar. Babu kuka, babu dogon labarin talaucin yanki, wanda jami'ar ta riga ta sani. Babu kalmar "za mu yi iya ƙoƙarinmu" a inda ya kamata a sa adadi. Ba mu kuma ce wata ƙungiya za ta ɗauki nauyin rediyo ba, tunda babu wanda ya ba mu wannan alkawari a rubuce. Ranar da muka sa a ƙarshe ma ba don matsa wa kowa ba ce. Ruwa kan fara sauka a yankinmu wajen watan Mayu zuwa Yuni, kuma kafin nan sai an sayo kaya, an horar da ma'aikata, an jera rijiyoyi an yi ƙuri'a, an gama ɗibar farko. Kuɗin da ya iso a watan Yuni ya rasa ɗibar rani, sai dai a jira wata shekara.

Aikin gida

Mu ce jami'ar ta sake rubutowa ta ce abin ya ƙara tsukewa, miliyan 5 kawai za a samu. Kayan gwaji da horo da gudanarwa da gwajin inganci da mayar da sakamako sun cinye 3,400,000, saura 1,600,000 a raba tsakanin aunawa da gyara. Ku lissafa rijiya nawa za a iya aunawa sau biyu idan an gyara huɗu, ku fitar da tazarar kuskurenta da 1 ÷ √n. Ku sake lissafawa idan ba a gyara ko ɗaya ba. Sannan kowa ya yanke shawara: zai karɓi miliyan 5 ɗin da wane tsari, ko zai nemi a ba shi aron kayan gwaji daga wani ɗakin gwaji a Gusau don layin farko ya sauka, ko zai rubuta cewa a kan wannan kuɗi tambayar ba za ta amsu ba. Ku rubuta wasiƙar a shafi ɗaya, ku haɗa da kasafin tsoho da sabo gefe da gefe, ku kawo ranar Litinin.